Sukuk da takardar lamuni: ranar da biya ya tsaya, wa za ka kama?

Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Wudil ya taɓa ganin allunan nan da aka kafa a gefen titi masu ɗauke da kalmar Sukuk. Wani dattijo mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda ya zuba kuɗi a sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya, ya ce mini duk sa'ad da ya bi hanyar sai ya ji a ransa cewa yana da 'yan taku a cikin kwaltar. Na ce, "To Baba, in gwamnati ta daina biyan hayar, kwaltarka za ka je ka ɓamɓaro?" Ya yi dariya, ya ce ai shi ma bai taɓa tambayar kansa ba. Wannan tambayar ita ce gaba ɗayan maganar, domin muddin ana biya a kan lokaci, sukuk da takardar lamuni kamar tagwaye suke. Sai ranar da abu ya ɓaci ake gane wanda ya riƙe kadara da wanda ya riƙe alkawari.

Takardar lamuni ba ta da wani sarƙaƙiya. Ka ba gwamnati ko kamfani rancen kuɗi, an rubuta maka cewa za a riƙa ba ka kaso kaza duk shekara, sannan a ranar kaza a maido maka da uwar kuɗinka. Kai mai bin bashi ne, ƙarin da kake karɓa kuɗin ruwa ne, kuma ba ruwanka da abin da aka yi da kuɗin. Sukuk kuwa jam'in kalmar Larabci ce, sakk, wato takardar shaida. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta bayyana shi a matsayin takardu masu daraja ɗaya da ke wakiltar kason mallaka a cikin wata kadara, ko amfaninta, ko wani aiki. Mai sukuk ke nan ba rance ya bayar ba, wani yanki na dukiya ya saya, abin da yake karɓa kuma haya ce ko riba daga wannan dukiyar. Ƙa'idar fiƙihu da ke ƙarƙashin wannan sananniya ce, "al-kharaju bid-daman": wanda zai ci amfanin abu, shi ne zai ɗauki asararsa in ta zo.

A takarda ke nan. Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira mu ga yadda abin ke tafiya.

A ce wani kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa yana neman naira biliyan 1 na tsawon shekara 5. Hanya ta farko, ya fitar da takardar lamuni a kan kashi 15 cikin 100. Wanda ya zuba naira miliyan 1 zai riƙa karɓar naira 75,000 duk wata shida, a ƙarshen shekara ta biyar a maido masa da miliyan ɗinsa. Hanya ta biyu, sukuk na ijara, wato haya. Sai a kafa wani ƙaramin kamfani wanda ba shi da aikin komai sai riƙe amanar masu zuba jari. Wannan kamfanin amana zai tara biliyan 1 daga jama'a, ya sayi babban siton kamfanin shinkafar da kuɗin, sannan ya juyo ya ba wa kamfanin shinkafar hayar siton a kan naira miliyan 150 a shekara. Kamfanin shinkafar kuma zai sa hannu a kan alkawarin cewa bayan shekara 5 zai sake sayen sitonsa a kan biliyan 1. Mai miliyan 1 nawa zai samu? Naira 75,000 duk wata shida, a ƙarshe a ba shi miliyan ɗinsa. Ko kobo bai bambanta ba. Wannan ba haɗuwar sa'a ba ce, domin ba a kan kuɗin hayar sito a Sharaɗa ake yanke hayar ba, ana duba abin da takardun lamuni ke bayarwa ne a kasuwa a daidaita ta da shi, in ba haka ba masu kuɗi ba za su zo ba. Malamai da yawa ba su ga laifi a nan ba, sun ce halas ne mai haya ya duba kowane ma'auni wajen yanke farashinsa, muddin cinikin kansa na gaske ne.

To, cinikin na gaske ne? Duk ɗan Kano da ya taɓa sayen gida mai takardar mallaka ya san abin da saye na gaske yake nufi. Ba rubuta yarjejeniya a gaban shaidu kaɗai ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a mayar da haƙƙin mallakar fili irin wannan ga wani sai da amincewar gwamna. Sai an biya harajin hatimi, an biya kuɗin rajista, an canza suna a ofishin ƙasa. A kan kadarar biliyan 1 wannan kuɗi ne masu kauri, ga ɗaukar lokaci, kuma bayan shekara 5 sai an maimaita shi in za a mayar wa kamfanin da sitonsa. Saboda haka galibin masu tsara sukuk a duniya ba sa bin wannan doguwar hanya. Sukan rubuta cewa masu sukuk sun mallaki amfanin kadarar, amma sunan da ke kan takardar ƙasa yana nan na mai ita na asali. Daga nan sukuk ya rabu gida biyu. Akwai wanda aka sayar da kadarar da gaske, ta fita daga littafin kamfanin, ta koma hannun masu sukuk. Akwai kuma wanda kadarar ke nan don cika sharaɗin cinikin kawai, amma abin dogaron mai zuba jari shi ne alkawarin kamfanin na biyan haya da sake saye. Na biyun nan shi ne mafi yawa a kasuwa, nesa ba kusa ba.

Yanzu a ce a shekara ta uku kamfanin shinkafar ya durƙushe. Bankin da ya riƙe injinan a jingina ya kwashe nasa, an biya waɗanda doka ta sa a gaba, irin su ma'aikata da haraji. Abin da ya rage: siton, wanda a kasuwar ranar ya yi naira miliyan 800, da sauran tarkace na miliyan 400. Masu bin kamfanin bashi ba tare da jingina ba, har da masu kawo shanshera da dillalai, suna bin biliyan 3.

Idan sayarwar ta gaske ce, siton ba na kamfanin ba ne, mai raba dukiyar kamfanin ba shi da ikon taɓa shi. Amintaccen masu sukuk zai iya neman wani ɗan haya, ko ya sayar a kan miliyan 800 a raba. Mai miliyan 1 ya tashi da kusan naira 800,000, a cire kuɗin lauya da na dillali. Idan kuwa sunan kamfanin ne har yanzu a kan takardar siton, to siton zai shiga tukunya ɗaya da sauran kaya, jimla biliyan 1.2. Abin da masu sukuk ke da shi shi ne su ce kamfani ya cika alkawarin sake saye a kan biliyan 1, wannan kuwa bashi ne kamar kowane bashi. Sai su shiga layi, jimlar abin da ake bi ta zama biliyan 4, kowace naira ta samu kobo 30. Mai miliyan 1 ya koma gida da naira 300,000, daidai da abin da zai samu da takardar lamuni mara jingina ya saya tun farko. Idan ma aka yi rashin sa'a kamfanin ya riga ya jinginar da siton ga wani banki, tunda takardar na hannunsa, to ko kobo 30 ɗin ba za a gani ba.

Kada a ɗauka cewa sayarwa ta gaske kullum ita ce mafi aminci. Wanda ya mallaki sito da gaske, in ba a haɗa masa da wani alkawari ba, siton ne iyakar abin da zai kama. Idan mai kimantawa ya zuzuta farashi tun farko, aka zo sayarwa aka samu miliyan 500 kacal, shi ke nan, rabin kuɗinsa ya tafi. Sito kuma ba buhun masara ba ne da za a kai Dawanau da safe a dawo da kuɗi da yamma, yana iya shekara ba a sami mai saye ba. Manyan masu zuba jari, irin kamfanonin fansho da bankuna, su da kansu sun fi son alkawarin mai ƙarfi a kan kadarar da ba su san yadda za su yi da ita ba. Wato ba masu fitar da sukuk kaɗai ne suka ja kasuwar zuwa wannan ɓangaren ba, har da masu saye.

Akwai jarrabawa ta biyu, wadda mutanen da suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kanta. Idan siton ya ƙone ƙurmus fa? Mai takardar lamuni bai san an yi ba, kuɗin ruwansa na nan tafe. A fiƙihun ijara kuwa, abin haya in ya halaka haya ta tsaya, asarar kuma ta mai kaya ce, haka nan manyan gyare-gyare da kuɗin takaful, wato inshorar Musulunci, a wuyansa suke. Da haka abin ya tsaya, da an ce mai sukuk ya ɗauki haɗari na gaske. Sai dai a yawancin tsare-tsaren akwai wata yarjejeniya ta daban da ke naɗa ɗan hayar a matsayin wakilin masu kaya wajen kula da kadarar. Aikinsa ne ya yi mata takaful da ya kai cikakken kuɗin sukuk ɗin, in kuwa abin da takaful ya biya ya gaza, shi zai cike giɓin bisa hujjar ya yi sakaci da wakilcinsa. Haɗarin ya fita ta ƙofa ya dawo wa kamfanin ta taga. Ni a ganina wannan sharaɗin ya fi kowane nuna inda tsarin ya karkata, kuma ba kasafai masu tallar sukuk ke ambatonsa ba.

Ba yau malamai suka fara ɗaga murya a kan haka ba. A 2007 Shaihu Muhammad Taqi Usmani, shugaban majalisar malaman AAOIFI, ya ce kusan kashi 85 cikin 100 na sukuk ɗin da yake magana a kansu, galibi na musharaka, wato tarayya a jari, da mudaraba, wato ba wani jari ya juya a raba riba, a ƙasashen Larabawa, ba su cika sharuɗɗan shari'a ba. Babban dalilinsa shi ne alkawarin sake saye a kan farashin farko. Abokin tarayya ko mai juya dukiya ba ya lamunce wa mai jari uwar kuɗinsa, in ya lamunce to tarayya ta koma rance. A watan Fabrairun 2008 hukumar ta fitar da matsaya: a musharaka da mudaraba da wakala, wato wakilci, sake sayen ya kasance a kan farashin kasuwa ko abin da aka daidaita a ranar, amma a ijara an yarda ɗan haya ya yi alkawarin saye a kan farashin farko, matuƙar ba shi ne kuma abokin tarayya ko mai juya dukiyar ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatoci suka fi rungumar ijara. Dattawanmu da suka san hukuncin jinginar gona, inda mai ba da rance ke noma gonar yana ci har ranar da aka maido masa da kuɗinsa cif, za su gane me ya sa wasu malaman har yanzu ba su saki jiki da sayarwar da aka san tun farko za a warware ta a kan farashinta ba.

Kotuna ma sun gwada abin. Kamfanin East Cameron na Amurka ya fitar da sukuk na kimanin dala miliyan 165 a 2006, a kan haƙƙin wani kaso na iskar gas da yake haƙowa a tekun da ke gaɓar Louisiana. Da ya durƙushe a 2008 sai ya ce wa kotu ai ba sayarwa ya yi ba, rance ne da jingina, don haka haƙƙin ya dawo cikin dukiyarsa. Kotun ba ta karɓi wannan ba, kuma daga ƙarshe kadarorin sun koma hannun masu sukuk. A ɗaya ɓangaren, lokacin da sukuk ɗin kamfanin Nakheel na Dubai, na dala biliyan 3.52, ya kusa cika wa'adi a Disambar 2009 babu kuɗin biya, ba filayen da aka ambata a takarda ne suka ceci masu shi ba. Abu Dhabi ce ta ba Dubai tallafin dala biliyan 10 aka biya su. Sai kuma Dana Gas a 2017, wanda ya wayi gari ya ce sukuk ɗinsa na dala miliyan 700 ya saɓa wa shari'a, don haka bai wajaba ya biya ba. Kotun Landan ta ce alkawarin sake sayen yana nan daram, a 2018 aka sasanta. Abin lura shi ne, a kan alkawari aka yi shari'ar, ba a kan kadara ba. Kuma wannan wani haɗari ne da mai takardar lamuni bai san shi ba sam: wanda ya ci kuɗinka ya juyo ya kafa maka hujja da fiƙihu.

Mu dawo kan titin Wudil. Jihar Osun ce ta fara fitar da sukuk a 2013 don gina makarantu. Gwamnatin Tarayya, ta hannun Ofishin Kula da Basussuka, wato DMO, ta fitar da nata na farko a Satumbar 2017: naira biliyan 100, shekara 7, haya kashi 16.47 cikin 100, don ayyukan tituna 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. Hanyar Kano zuwa Maiduguri, da ta Kano zuwa Katsina, da titin da ya zagaye Kano ta yamma duk sun samu kaso daga kuɗin sukuk. Kamfanin amanar shi ne FGN Roads Sukuk Company 1 Plc, kuma da naira 10,000 ma mutum na iya shiga. Wanda ya zuba miliyan 1 a wancan karon ya riƙa karɓar naira 82,350 duk wata shida, har aka maido masa da miliyan ɗinsa a 2024.

Daga ina hayar ke fitowa? Ba daga titin ba. Tun zamanin Obasanjo aka rushe shingayen karɓar kuɗi na manyan hanyoyin tarayya, motar da ta tashi daga tashar Mariri zuwa Wudil ba ta biyan masu sukuk ko sisi. Gwamnati ce 'yar hayar, daga baitulmali take biya, wato aljihun da take biyan masu takardun lamuni. Sanarwar tallar ma ba ta ɓoye ba, ta ce sukuk ɗin yana tsaye ne a kan cikakken lamunin Gwamnatin Tarayya, DMO kuma yana lissafa shi a cikin bashin cikin gida na ƙasa. Babu kotun da za ta miƙa wa wani ɗan kasuwa gadar Wudil ya sayar. Saboda haka Baba mai atamfa, ta fuskar haɗari, shi da maƙwabcinsa da ya sayi takardar lamunin gwamnati a jirgi ɗaya suke: in gwamnati na biya duk su samu, in ta gaza duk su jira.

Wannan ba ya nufin bambancin suna ne kawai, kuma ina ganin masu cewa "ai duk ruwa ne aka canza masa riga" sun yi gaggawa. Kuɗin takardar lamuni yana shiga babbar tukunyar kasafi, a biya albashi da shi ko a biya tsohon bashi, ba mai tambaya. Kuɗin sukuk an ɗaure shi da tituna masu suna, ana sakinsa ga 'yan kwangila gwargwadon aikin da aka tabbatar sun yi, akwai amintattu masu sa ido, kuma majalisar malamai masu ba Babban Bankin Najeriya shawara ta duba tsarin ta amince da shi. A ƙasar da aikin titi ke shekara goma yana jiran kasafi, wannan ɗaurin ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan in an yi jinkirin biya, takardar lamuni ruwa take ƙara haifarwa, a sukuk kuwa tarar jinkiri, in ma an sa ta, sadaka ake yi da ita, ba ta shiga aljihun mai jari.

Akwai wani wurin da mallakar ke da nauyi ko da ba a taɓa zuwa kotu ba, wato ranar da kake son sayar da takardarka kafin wa'adi. A wurin jumhurun malamai ba a sayar da bashin kuɗi da ragi ko da ƙari. Sukuk na ijara ana cinikinsa a kasuwar hannun jari a kan farashin da ya kama ne saboda ana ɗaukarsa yankin kadara, shi ya sa sukuk na murabaha, wato sayar da kaya bashi da ƙayyadaddiyar riba, wanda bashi ne zalla bayan an sayar da kayan, yawancin malamai ba su yarda a yi cinikinsa haka ba. Idan mallakar ta zama ta baka kawai, halaccin wannan cinikin ma ya shiga tambaya. Farashin kuma ba darajar kwalta yake bi ba. Wanda ya sayi sukuk ɗin 2020 mai kashi 11.2 yana karɓar naira 112,000 a shekara a kan miliyan ɗinsa, alhali na 2025 ya zo da kashi 19.75, wato naira 197,500. Ba wanda zai sayi tsohon a kan cikakken kuɗinsa ga sabon a gabansa, dole mai shi ya yi ragi, kamar dai yadda mai tsohuwar takardar lamuni zai yi. A 2024 da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, hayar kashi 11.2 ba ta ko rufe rabin zaizayar kuɗin ba. Mai gidan haya na gaske a Zoo Road ya ƙara wa 'yan hayarsa kuɗi, gidansa kuma ya ƙara daraja. Mai sukuk hayarsa a daskare take, kuma miliyan ɗin da ya bayar ita za a maido masa.

Idan aka kawo maka sukuk na kamfani, inda durƙushewa ba tatsuniya ba ce, kada ka tsaya a hoton ginin da ke bangon littafin tallar. Ka buɗe sashen da ke lissafa haɗurra, domin a nan lauyoyi ke faɗin gaskiya don kare kansu. Ka nemi inda aka faɗi ko an yi rajistar sauya mallaka a ofishin ƙasa, da ko akwai ra'ayin lauya cewa sayarwar za ta tsaya a kotu in kamfanin ya faɗi. Sannan ka karanta abin da amintacce zai iya yi ranar da aka kasa biya. Idan an rubuta cewa yana da ikon sayar da kadarar ga wani daban, to kadara ce a bayanka, sai ka koma ka binciki wanda ya kimanta ta da nawa za ta yi in an sayar cikin gaggawa. Idan kuwa an rubuta cewa iyakar abin da zai yi shi ne ya tilasta wa kamfanin cika alkawarin sake saye, kuma masu sukuk suna sahu ɗaya da sauran masu bin bashi mara jingina, to ka ajiye maganar sito, ka ɗauko lissafin kamfanin na shekara uku ka duba nawa ake binsa da kuma wa ke gabanka a layi.